Ciwon kai: ƙirga abin da kake haɗiya tsakanin paracetamol da ibuprofen

Jama'a assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a nan Kaduna, kuma yau maganar da nake so mu yi ita ce ta ƙwayoyin ciwon kai guda biyu ɗin nan da babu gidan da za ka shiga ka rasa su, paracetamol wanda muke ce wa fanadol, da kuma ibuprofen wanda wasu suka fi sani da burufen. Magunguna ne masu kyau wallahi, suna aiki, ba tsada, amma abin da ke damuna shi ne mutane ba sa ƙirga abin da suke haɗiya, kai na ciwo a ɓalla biyu, bayan awa ɗaya bai sauka ba a ƙara biyu, da yamma kuma a tsaya kemis a ce a ba ni haɗi.

Mu fara da paracetamol. Ƙwaya ɗaya ta manya 500mg ce. Babban mutum zai sha ɗaya ko biyu a lokaci guda, sai ya jira aƙalla awa huɗu zuwa shida kafin ya ƙara, kuma ko me ake ciki kada ya wuce ƙwaya takwas a cikin awa 24, wato 4,000mg kenan. Wannan takwas ɗin iyaka ce fa, ba wai dole sai ka cike ta ba. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ko tsoho da ya rame, ko mai ciwon hanta, ko mai shan giya sosai, shi biyu a lokaci guda ma ta yi masa yawa, ya tsaya a ɗaya har sai likita ya faɗa masa nasa adadin. Kuma kun san yadda ciwon hanta na hepatitis B ya yi yawa a cikinmu, da yawa suna ɗauke da shi ba su ma sani ba.

Paracetamol bai cika taɓa ciki ba, shi ya sa shi muke fara ba mai olsa da mai juna biyu. Inda yake ɓarna hanta ce. Hanta ce ke sarrafa shi, a wajen sarrafawar nan wani ɗan guba yana fita wanda hantar ke iya kashewa idan kaɗan ne, amma idan maganin ya yi yawa sai abin kashewar ya ƙare, gubar ta koma tana cin hantar kanta. Abin tsoron shi ne ranar farko mutum zai iya jin garau, ko ɗan tashin zuciya kawai, sai bayan kwana biyu zuwa uku ido ya yi ɗorawa, gefen dama na ciki ƙarƙashin haƙarƙari ya kama ciwo, mutum ya fara ruɗewa.

To yanzu ga inda mutane ke faɗawa ba da saninsu ba. Bari in ba ku misali da irin abin da ke faruwa kullum, a ce mai walda ne a Panteka, ya tashi da ciwon kai da mura. Ƙarfe bakwai na safe ya sha Panadol Extra biyu, 1,000mg kenan. Ƙarfe goma hanci na zuba sai ya sha maganin mura ɗaya irin su Procold ko Mixagrip, shi a tunaninsa wani magani ne daban, alhali akwai paracetamol 500mg a ciki. Da azahar rana ta buɗe kai ya dawo, ya aiki yaron shago ya sayo farin fanadol ya sha biyu, 1,000mg. La'asar maganin mura kuma, 500mg. Magariba ya tsaya kemis aka ƙulla masa haɗi a leda, a ciki akwai paracetamol biyu, 1,000mg. Zai kwanta ya ƙara Panadol Extra biyu don ya samu barci, 1,000mg. Ku tara, 5,000mg ne, ya wuce iyaka da ƙwaya biyu cur, kuma sau da yawa ko awa huɗu bai bari tsakani ba. Idan ka tambaye shi zai rantse maka fanadol sau ɗaya ya sha, tunda shi farin kawai yake ƙirgawa. Ya yi haka kwana uku ko huɗu a jere, ga shi ba ya cin abinci sosai saboda rashin lafiya, hantarsa na cikin haɗari na gaske. Don haka kafin ka haɗa magani biyu juya bayan kwalin ko fallen ka duba, idan ka ga paracetamol ko acetaminophen, abu ɗaya ne, ka sa shi cikin lissafi. In ba ka iya karantawa ba ka tambayi mai kemis ɗin kai tsaye, malam akwai fanadol a cikin wannan?

Ibuprofen kuma nasa salon daban. Yana zuwa 200mg ko 400mg. Babba zai sha 200mg zuwa 400mg, ya jira awa shida zuwa takwas, kuma kada ya wuce 1,200mg a yini idan ba likita ne ya rubuta masa ba, wato ƙwayar 400mg sau uku shikenan. A sha shi bayan an ci abinci, da ruwa cikakken kofi.

Dalilin da ya sa yake cin ciki shi ne wannan. Akwai wani sinadari a jiki, prostaglandin, shi ke kawo zafi da kumburi, ibuprofen yana hana jiki yin sa shi ya sa ciwo ke sauka. To amma shi dai wannan sinadarin shi ke sa tumbi ya yi wa kansa shimfiɗar majina da ke kare shi daga asid ɗin da ke narka abinci, shi ke kuma taimakon jini ya isa ƙoda. Ka rage shi ka rage garkuwar tumbi kenan. Shi ya sa nake gaya wa mutane cewa cin abinci yana rage zafin ciki ne kawai, ba ya cire haɗarin gyambo gaba ɗaya, domin maganin ta cikin jini ma yake yin wannan aikin. Mai olsa kada ya ce ai na ci tuwo na ƙoshi bari in sha, a'a, ba naka ba ne.

Kuma ibuprofen yana da 'yan uwa, diclofenac, piroxicam wanda ake kira felvin, da asfirin. Alabukun ɗin nan na gari da ake kaɗawa a ruwa asfirin ne da kafin, wato sinadarin nan da ke cikin goro. Ibucap kuma ibuprofen ne da paracetamol da kafin a kafso ɗaya. Duk wanda ya haɗa biyu daga cikin 'yan uwan nan bai ƙara samun sauƙi ba, haɗarin zubar jini a ciki ya ninka wa kansa. Wannan ne babban abin da ya sa ba na son haɗin leda, an ɓalle ƙwayoyi daga fallensu ba suna ba komai, ja da fari da ruwan ɗorawa, ka tarar diclofenac da ibuprofen suna ciki tare, wani lokaci har da prednisolone wanda shi ma ke ƙara haɗarin, mutum ya watsa su baki da shayi tun bai karya ba. Direbobi da 'yan keke da masu dako na san gajiya ce ke sa ku, amma don Allah ku ce a ba ku magani a fallensa ku ga sunansa.

Yadda za ka gane ciki ya fara taɓuwa, zafi ko ƙuna a saman cibiya ƙarƙashin ƙirji, to ka dakata da shi. Idan kuwa bayan gida ya koma baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, ko aka yi aman jini ko amai mai baƙin gari-gari, ko jiri na ɗibar mutum idan ya miƙe, jini ne ke zuba a ciki, a tafi asibiti a lokacin, Barau Dikko ko Yusuf Dantsoho ko duk wanda ya fi kusa, kada a tsaya shan madara ko kanwa.

Banda mai olsa, akwai waɗanda su ma ibuprofen ba nasu ba ne sai da izinin likita. Mai ciwon ƙoda da mai ciwon zuciya. Mai hawan jini, domin yana ƙara hawan kuma yana rage ƙarfin wasu magungunan hawan jinin, abin takaici kuma iyayenmu masu hawan jini su ne suka fi shan sa don ciwon kai da ciwon gwiwa. Wanda ke kan maganin tsinka jini irin warfarin. Mai asma da ya taɓa lura asfirin na tayar masa da ita. Mai juna biyu ta bar shi kwata-kwata, musamman daga sati 20 zuwa sama, yana iya taɓa ƙodar jaririn ya rage ruwan mahaifa, a watanni ukun ƙarshe kuma yana iya shafar zuciyarsa. Ita paracetamol ne nata, mai shayarwa kuma za ta iya shan kowanne a adadin da na faɗa. Sai wanda ruwan jikinsa ya ƙare, mai amai da gudawa, ko wanda ya wuni a rana a watan Maris ko Afrilu bai sha ruwa ba, ko mai azumi. Mai azumi kada ya buɗe baki da ibuprofen, ya sha ruwa sosai ya ci abinci tukunna, sau da yawa ma ciwon kan na ƙishirwa ne zai tafi da kansa.

Yara a taƙaice, nasu da nauyi ake aunawa, paracetamol 10mg zuwa 15mg kan kowane kilo, sau huɗu a yini iyaka. Yaro mai kilo 10 zai sha 5ml na sirop mai 120mg ko 125mg a 5ml, da murfin awo na kwalbar ko sirinji, ba cokalin kicin ba. Ibuprofen ba a ba jaririn da bai kai wata uku ba, ba a kuma ba yaro mai ƙaranbau.

Akwai wani abu da mutane ke mamaki idan na faɗa musu, maganin ciwon kai da kansa yana kawo ciwon kai. Wanda ke shan paracetamol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata har tsawon wata uku, ko kwana 10 idan masu haɗe da kafin ne, kansa zai saba, kullum ya tashi da ciwo, ya sha ya lafa, ya dawo. Maganinsa a daina, satin farko zuwa na biyu akwai wahala amma daga baya yana sauƙi, gara a yi shi tare da ma'aikacin lafiya. Ciwon kai da ya wuce kwana uku ana shan magani ka zo a auna maka BP, in da zazzaɓi a yi gwajin maleriya, minti 15 zuwa 20 ne sakamako ya fito.

Wasu ciwukan kan kuma ba a ma tsayawa neman ƙwaya, asibiti ake nufa kai tsaye. Wanda ya sauko farat ɗaya da tsananin da ba ka taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya musamman lokacin zafi da sanƙarau ke yawo, ko baki ya karkace ko hannu ya mutu ko magana ta sarƙe, ko bayan an bugu a kai ana amai. Mai ciki da kanta ke ciwo idonta na ganin dishi-dishi fuska da hannu sun kumbura, a kai ta a auna jininta a ranar kafin jijjiga ta same ta. Haka wanda ya sha paracetamol fiye da ƙima, ko yaro ya ɗauki kwalba ya shanye, ko da yana wasa lafiya lau a tafi da shi yanzu tare da kwalin maganin, a faɗa wa likita ƙarfe nawa ya sha kuma guda nawa, domin makarinsa, N-acetylcysteine, ya fi aiki idan an fara shi cikin awa takwas na farko. Kada a ɗura masa manja, kada a sa shi amai da ƙarfi.