Haɗa Nutiral da Ƙasa a Layukan Lantarki

Nutiral shi ne mahaɗar naɗe-naɗen waya uku na taransifoma ko janareta idan an yi musu haɗin tauraro, wato an haɗa bakin kowannensu a wuri ɗaya. Yadda aka sada wannan mahaɗa da ƙasa shi ke ƙayyade yawan wutar da za ta kwarara idan layi ɗaya ya taɓa ƙasa, domin nutiral ne babbar hanyar da wutar ke bi ta koma taransifoma. Ana sada su kai tsaye, ko ta rezista, wato abin da ke turje wa wuta ya rage yawanta, ko ta naɗin waya.

Tarihi

Layukan farko da yawa an bar nutiral ɗinsu ba haɗi, don kada wuta ta ɗauke saboda taɓawar layi ɗaya. Da layuka suka yi tsawo sai cajin da ke taruwa tsakanin waya da ƙasa ya ƙaru, har tartsatsin wurin lahani ya riƙa mutuwa yana sake kamawa, yana tayar da ƙarfin wuta fiye da abin da rufin da ke hana wuta zirarewa daga kayan aiki zai jure. Injiniyan Jamus Waldemar Petersen ya fito da maganin wannan a wajajen 1917, wato naɗin wayar da har yau ake kira da sunansa. Faransa kuwa ta daɗe kan rezista mai tsayar da wutar lahani a ampiya 300 a layukan sama, da ampiya 1000 a kebul ɗin ƙarƙashin ƙasa na birane.

Haɗin kai tsaye

A nan babu komai tsakanin nutiral da ƙasa sai waya, don haka wutar lahani takan kai dubban ampiya, fis ko bireka su yanke nan take, ƙarfin wutar sauran layuka biyu kuma ba ya tashi sosai. Shi ake yi wa ƙaramar wutar gidaje, da kuma manyan layuka, inda tsadar rufi ta fi komai nauyi. Illarsa ita ce ƙonewar kaya a wurin lahani da haɗarin wuta ga wanda ya taka ƙasar da ke kewaye.

Haɗi ta rezista

A ɗauki layi mai kilobolt 15, irin wanda ake rarraba wuta da shi a biranen Kamaru. Ƙarfin da ke tsakanin layi ɗaya da ƙasa shi ne 15000 a raba da 1.732, kimanin bolt 8660. Idan nutiral yana haɗe kai tsaye, kuma aka ƙaddara turjiyar hanyar gaba ɗaya om 2 ce, wutar lahani za ta haura ampiya 4300. Idan aka sa rezista mai om 29, lissafin I = V / R, wato ƙarfin wuta a raba da turjiya, zai sauko da ita kusan ampiya 300, wadda rile, na'urar da ke gano lahani ta sa bireka ya yanke, yake gani ba wahala, ɓarnarta kuma kaɗan ce. Sai dai rezistar tana fitar da zafin da ya kai megawat 2.6 a lokacin, shi ya sa ake ƙera ta don ta jure daƙiƙu kaɗan kawai, galibi 10, kuma in bireka ya maƙale to ita ce za ta ƙone. Layuka biyu masu lafiya su ma suna tashi zuwa kusan kilobolt 15 tsakaninsu da ƙasa, don haka dole rufinsu ya iya ɗaukar hakan.

Wannan lissafi ya ɗauka cewa wayar ta taɓa ƙasa sosai, abin da ba kasafai yake faruwa da rani ba. Idan turjiyar wurin taɓawa om 100 ce, wutar ba za ta wuce ampiya 67 ba, in kuwa waya ta faɗi kan busasshen rairayi mai om 2000, ampiya 4 ce kacal, rilen da aka saita sama da haka ba zai motsa ba, wayar ta ci gaba da kwanciya da wutarta a hanyar mutane da dabbobi. Rezistar da ta tsinke ma ba ta nuna alama, sai layin ya koma tamkar marar haɗi, saboda haka ake auna ta lokaci-lokaci.

Haɗi ta naɗin waya

Ƙaramin naɗi yana rage wuta ba tare da zafi mai yawa ba, amma ƙa'idar da aka saba ita ce kada wutar lahani ta gaza kashi 25 cikin ɗari na wutar gajeren haɗin layuka uku, don gudun tashin ƙarfi na ɗan lokaci. An fi ganinsa a janareta.

Naɗin Petersen daban ne: ana daidaita shi bisa ωL = 1 / (3ωC), inda L ke nufin ma'aunin naɗin, C ma'aunin riƙon caji na layi ɗaya da ƙasa, ω kuma saurin juyawar wutar, ta yadda wutarsa za ta soke wutar cajin layi, ragowar ta zama 'yar kaɗan, tartsatsin ya mutu da kansa ba tare da an ɗauke wuta ba. Duk lokacin da tsawon layi ya canja sai an sake saiti, kuma gano layin da ke da lahani yana da wuya. Injiniyoyi sun rabu kan fifikonsa a kan rezista; masu goyon bayansa suna duban ƙarancin ɗaukewar wuta, masu adawa suna duban tsada da wahalar kulawa.