Takardar shaidar agajin gaggawa a wuraren aiki na Birtaniya

Takardar shaidar agajin gaggawa ita ce takardar da ake ba ma'aikacin da ya koyi ba da taimakon farko ga wanda ya ji rauni ko rashin lafiya ta kama shi a bakin aiki. A Ingila da Sukotlan da Wales, dokar agajin gaggawa ta 1981 ta ɗora wa mai kamfani nauyin samar da isassun kayan agaji da mutanen da suka iya aiki da su. Hukumar kula da lafiya da kariyar ma'aikata, wato HSE, ita ce ke fitar da jagorar bin wannan doka.

Takardun iri biyu ne. Ƙaramar, EFAW, horon yini ɗaya ce na awa 6, inda ake koyon farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, da tsayar da jini, da ceto wanda abu ya shaƙe. Babbar, FAW, kwana 3 ce, awa 18, tana ƙarawa da karaya, ƙuna, raunin ido, guba, da ciwuka irin su asma da bugun zuciya. Kowacce shekara 3 take yi. Mai FAW yana sabuntawa da kwas na kwana 2, mai EFAW kuwa yana maimaita yininsa ne gaba ɗaya.

Shekara 3 tana da tsawo ga hannun da bai taɓa danna ƙirjin mutum na gaske ba. Saboda haka HSE ke ƙarfafa a riƙa yin bita ta rabin yini kowace shekara. Bitar ba dole ba ce, kuma ba ta ƙara wa takardar ko kwana ɗaya; masu aiki da yawa a nan suke ruɗewa.

Daga ranar da wa'adi ya cika, ba a ƙara lissafa mutumin cikin masu agajin wurin. Mai FAW yana iya shiga kwas ɗin kwana 2 bayan haka, amma idan jinkirin ya haura wata ɗaya, jagorar ta ce ya fi dacewa a sake cikakken horon kwana 3, kuma mai kamfani ne zai yanke shawara.

Tun 1 ga Oktoba 2013 HSE ta daina tantance masu ba da horon. Yanzu mai kamfani ne zai binciki cancantar wanda ya ɗauko, ya kuma duba takardar kanta: sunan cibiyar horon, sunan ma'aikacin, irin kwas ɗin, wa'adin shekara 3, da bayanin cewa an bayar da ita ne domin cika dokar 1981.

Bin sawun takardu yakan fara da rajista mai sauƙi: suna, sashe, lokacin aikin mutum, irin takarda, ranar kammala horo, ranar ƙarewa, da kwafin takardar. A Excel, idan ranar kammalawa tana cikin C2, wannan lissafin yana nuna kwanakin da suka rage:

```
=EDATE(C2,36)-TODAY()
```

Manyan kamfanoni suna da manhajar da ke aika tunatarwa, galibi watanni kafin ranar, domin samun gurbi a aji da sakin mutum daga aiki suna cin lokaci.

Sai dai rajista tana iya nuna komai daidai alhali wurin babu mai agaji. A ɗauki misalin masana'anta mai ma'aikata 120 da ke aiki safe, yamma da dare. Ga wuri mai haɗari da ya haura mutum 50, jagorar ta ba da shawarar mai FAW ɗaya ga kowane 50 ko ɓarin 50, wato mutum 3 a nan. An tura ukun horo tare a Maris 2023, don haka takardunsu za su mutu tare a Maris 2026, kuma tura su sabuntawa a rana ɗaya zai bar masana'antar kwana 2 ba kowa. Ko kafin nan, idan an mayar da mai agajin dare aikin safe, ko ya tafi hutu, masu aikin dare sun zama ba mai duba su, rajistar kuwa ba za ta nuna ba muddin ranaku kawai ake kallo.

Gyaran shi ne a rarraba lokutan horon, a horar da fiye da mafi ƙarancin adadi, a kuma riƙa gwada rajistar da jadawalin aiki na kowane wata. Wanda ya bar aiki yana tafiya da takardarsa, domin sunansa ke kanta, don haka ranar sallamarsa ake cire shi daga rajista da kuma allon sanarwar da ke gaya wa ma'aikata wanda za su kira.