Jita-jitar rijiya: daga mutum ɗaya zuwa gari guda kafin magariba

Malam, yarona ya zo da wani labari daga makaranta, wai jita-jita tana ninkuwa duk awa har ta cika ƙauye a yini ɗaya. Anya lissafin nan gaskiya ne?

Gaskiya ne, Hajiya. Mu ɗauki wani ƙauye a ƙasar Daura mai mutum 4,000. Da ƙarfe 6 na safe wata mata ta ɗebo ruwa, ta ga ya ɗan sauya launi, ta raya a ranta cewa an zuba wa rijiyar guba. Sharaɗin labarin guda ne: duk wanda ya ji, cikin kowace awa zai gaya wa mutum ɗaya da bai ji ba.

Ƙarfe 7 ta faɗa wa kishiyarta, sun zama 2. Ƙarfe 8 su 4 ne, ƙarfe 9 kuma 8. Da rana ta take, ƙarfe 12, mutum 64 kacal suka ji. Da za ki zaga kasuwa a lokacin, da wuya ki haɗu da mai zancen, kuma dagaci yana zaure bai san ana yi ba.

Daga nan abin ke rikiɗa. Ƙarfe 2 su 256 ne. Ana kiran la'asar, wajen ƙarfe 4, sun kai 1,024. Ƙarfe 5 sun kai 2,048, ƙarfe 6 lissafi ya ba da 4,096, ya ma zarce yawan mutanen garin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: saura awa ɗaya zance ya game gari, kusan rabin jama'a ba su ji komai ba. Awa goma sha ɗaya aka yi ana tara rabin farko, awa ɗaya ta kwashe sauran.

To idan kowa mutum biyu yake gaya wa fa?

Nan ɗalibai ke yawan tuntuɓe. Idan wanda ya ji yana gaya wa sababbin mutum biyu duk awa, bai kuma daina ba, adadin yana zama uku-uku ne: shi da mutum biyunsa. Sai a samu 1, 3, 9, 27, har 2,187 a awa ta bakwai. Kafin ƙarfe 2 na rana an gama da garin. Don haka ki sa yaron ya fara duba ko tambayar tana ƙirga duk waɗanda suka ji ne, ko sababbin ji kaɗai.

A zahiri haka take tafiya har ƙarshe?

A'a. A takarda, awa 28 ta isa a wuce mutum miliyan 268, amma ƙauye yana da iyaka. Da zarar rabin gari sun ji, duk wanda ka tare da "ka ji abin da ya faru?" tana yiwuwa ya ce maka ai tuni. Kusan rabin masu kai labari sai su koma ba su ƙara kowa ba, wasu kuma su biyu su taru a kan mutum ɗaya. Gudun sai ya ragu. Mai noma a gona mai nisa da makiyayin da ke daji ƙila sai washegari.

Akwai kuma abin da ke ƙara mata wuta. Saƙon murya ɗaya a WhatsApp yana shiga kunne ɗari a minti guda. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, cikin dare ɗaya zancen cewa wanka da ruwan gishiri da shansa suna kare mutum daga cutar ya zaga Najeriya ta waya. Mutane suka sha, wasu suka kwanta asibiti, har aka rasa rayuka.

Dagaci zai iya tare ta?

Ya danganta da lokaci da kuma hanya. A ce ƙarfe 9 ya gano cewa ƙasa ce ta zabtaro cikin rijiyar, ba guba ba. Idan ya bar gyaran ya bi baki-baki da gudu iri ɗaya, har abada yana baya da awa uku. Ƙarfe 12 mutum 8 sun ji gaskiya, 64 sun ji ƙarya. Ƙarfe 4, 128 ne a kan 1,024. Kullum kashi ɗaya cikin takwas, tazarar kuma sai faɗi take yi.

Da ƙarfe 9 mutum takwas ne, yana iya aika dogari ya tara su a zaure, ya sha ruwan a gabansu. Da tsakar rana ma 64 ba su fi ƙarfin masu unguwanni ba. In aka kai la'asar kuwa, bin gida-gida ya ƙare, sai dai a saki mai shela, a kuma roƙi liman ya yi sanarwa ta lasifika bayan an idar da salla.