Tsarin jarin kamfani da kariyar haraji ta kuɗin ruwa

Tsarin jari shi ne yadda kamfani ke haɗa kuɗin masu hannun jari da bashi wajen gudanar da harkarsa. A 1958, Franco Modigliani da Merton Miller sun nuna cewa in babu haraji, babu asarar da karyewa ke jawowa, kuma mutum na iya cin bashi da ruwan da kamfani ke ci, wannan haɗi ba ya canza darajar kamfani ko kaɗan. Darajar tana fitowa daga abin da kadarori ke samarwa. Bashi rabon kawai yake sauyawa.

A ɗauki misalin kamfanin matse man gyaɗa a Garwa ta Kamaru, mai ribar sefa miliyan 20 duk shekara kafin biyan ruwa. Idan masu jari na neman kashi 10 cikin ɗari, darajarsa miliyan 200 ce. Sai ya ci bashin miliyan 100 da ruwan kashi 6, ya mayar wa masu hannun jari kuɗin. Banki zai karɓi miliyan 6, su kuma su sami miliyan 14 a kan jarin miliyan 100, wato kashi 14. A nan ne da yawa ke ruɗuwa, su ɗauka bashin ya yi arha. Ƙarin nan ladan kasada ne, domin a shekarar da gyaɗa ta yi tsada banki ake fara sallama. Matsakaicin tsadar jarin yana nan a kashi 10.

A 1963 Modigliani da Miller suka shigar da haraji cikin lissafin. Ana cire kuɗin ruwa kafin a yanka haraji, amma ba a cire ribar da ake raba wa masu hannun jari. A ce harajin kashi 30 ne. Ba bashi, kamfanin zai biya miliyan 6, saura 14, darajarsa ta zama miliyan 140. Da bashi, harajin zai hau kan miliyan 14 kaɗai, ya zama miliyan 4.2. Rarar miliyan 1.8 ɗin nan ita ce kariyar haraji. In bashin na dindindin ne, sai a raba 1.8 da kashi 6, a sami miliyan 30, wadda za ta hau kan darajar kamfanin. A lissafin da ke ƙasa, VL darajar kamfani mai bashi ce, VU ta marar bashi, T kason haraji, D kuma yawan bashin:

```
VL = VU + T × D
170 = 140 + 0.30 × 100
```

Sai dai miliyan 30 ɗin tana da sharaɗi. Bashin shekara biyar ba zai ba da ita duka ba, rarar shekarun biyar kaɗai za a lissafa. Shekarar da aka yi asara kuwa babu harajin ribar da za a rage. A Kamaru akwai mafi ƙarancin haraji da ake ɗorawa a kan jimillar ciniki, wanda kuɗin ruwa ba ya taɓawa, don haka kamfani mai ƙaramar riba na iya cin bashi bai ga wani sauƙi ba. Idan kuma bashi ya yi yawa, banki na ƙara ruwa, masu kawo gyaɗa su ce sai kuɗi hannu, har asarar ta cinye rarar harajin.