Naira 28,000 da ta ƙi zama: yadda asusun jiran bayani ke aiki

Duk wanda ya taɓa rufe littafin kuɗi a ƙarshen wata ya san wannan daren. An ja ƙofar shago, yara sun watse, kai kaɗai ka rage da kalkuleta, ka tara ɓangaren hagu ka tara na dama, sun ƙi haɗuwa. Ka sake tarawa, bambancin yana nan daram. Ga shi kuma mai dukiya yana jiran rahoto da safe.

Ƙa'idar da ta haifar da wannan damuwa tsohuwa ce, tun 1494 Luca Pacioli ya wallafa bayaninta a birnin Benis na Italiya, kuma har yau a kanta lissafin kasuwanci ya dogara: kowace mu'amala sau biyu ake rubuta ta, sau ɗaya a hagu, wato dabit, sau ɗaya a dama, wato kiredit, da adadi iri ɗaya. In ka sayi dizal da tsabar kuɗi, asusun dizal zai karɓi adadin a hagu, littafin kuɗi ya fitar da shi a dama. Saboda haka idan aka jero ragowar dukkan asusun da ke cikin leja, babban littafin da kowane asusu ke da shafinsa a ciki, jerin da akantoci ke kira tarayal balans, dole jimillar hagu ta yi daidai da ta dama. In ba su yi daidai ba, to an karya ƙa'idar a wani wuri.

A nan ne ake buɗe asusun jiran bayani, wanda 'yan ofis ke kira sasfens, a manhajojin lissafi kuma za ka gan shi da sunan `Suspense Account`. Ana ɗaukar bambancin a ajiye shi a ɓangaren da ya gaza, domin littafi ya daidaita a samu damar fitar da daftarin rahoto, sannan a koma neman inda kuskuren yake. Masauki ne na baƙo, kuma sharaɗinsa guda: duk abin da ya shiga sai ya fita zuwa gidansa na gaskiya, har asusun ya koma sifili.

Mu ɗauki misalin wani shagon sari na shinkafa da man gyaɗa. A ƙarshen wata hagu ya ba da naira 12,372,000, dama ya ba da 12,400,000. Hagu ya gaza da 28,000, don haka akawu ya rubuta 28,000 a hagun asusun jiran bayani. Daftarin lissafi ya nuna ribar 900,000.

Mutum zai ce mene ne 28,000 a cikin miliyan goma sha biyu? Wannan tunanin shi ne abin da na fi jin tsoro a harkar, kuma za mu ga dalili.

Akwai gwaje-gwaje masu sauri da ake fara yi. Da farko a sake tara tarayal balans ɗin kansa, a tabbatar babu asusun da aka manta ba a kwafo ragowarsa ba. Sannan a duba ko akwai wata mu'amala ta 28,000 cif a watan, wadda wataƙila ɓangare ɗaya kawai aka rubuta mata. A raba bambancin biyu, a nemi 14,000, domin adadin da aka sa a ɓangaren da ba nasa ba yakan haifar da gibin da ya ninka shi. A ƙarshe a raba shi da tara, saboda idan aka juya lambobi biyu, kamar a rubuta 45 maimakon 54, tara tana raba bambancin ba saura. Akawunmu ya gwada duka, babu wanda ya ci. Babu 28,000 a ko'ina, babu 14,000, tara kuma ba ta raba 28,000. Wannan ma labari ne: waɗannan dabaru suna aiki ne idan kuskure ɗaya ne tak. In sun ƙi, mai yiwuwa kurakurai ne da yawa suka cakuɗe, wasu suna rufe wasu.

Sai aikin haƙuri. Ya ɗauko littafin kuɗi yana bin kowane layi, yana neman takwararsa a leja, yana sa ƙaramar alama da fensir a kan duk wanda ya samu. A tsakiyar wata ya tarar da dizal na 48,000. Rasit ɗin yana nan a soke a ƙusa, da ɗigon mai a gefensa, littafin kuɗi ya nuna kuɗin sun fita, amma asusun dizal bai san da zancen ba. Kafin a gyara kowane kuskure akwai tambayoyi uku da nake ganin bai kamata a tsallake su ba: me aka rubuta, me ya kamata a rubuta, me ya rage a cike? A nan kiredit ɗin daidai yake, dabit ne babu. Gyaran shi ne a sa 48,000 a hagun asusun dizal. To amma gyara ma mu'amala ce, yana buƙatar ɓangare na biyu, kuma ba za a sake taɓa littafin kuɗi ba tunda ba shi da laifi. Ɓangaren na biyu asusun jiran bayani ne yake ɗauka: 48,000 a damansa.

Yanzu asusun da yake ɗauke da 28,000 a hagu ya koma ɗauke da 20,000 a dama. Sabon akawu yakan rikice a nan, ya zaci ya ɓata lissafi ne, har ya so ya soke gyaran. Bai ɓata komai ba. Ya cire kuskure ɗaya, sai ragowar suka fara nuna ainihin girmansu.

Na biyu kuwa da ƙafarsa ya zo. An aika wa masu bashi takardar abin da ake binsu, sai ga wani kwastoma riƙe da rasit, ransa a ɓace.

"Malam, 540,000 na kawo ranar nan, a gabanka aka ƙirga. Ya aka yi kuka rage mini 450,000 kawai?"

"Yi haƙuri Alhaji, zauna mu duba tare."

Gaskiyarsa ce. Littafin kuɗi ya karɓi 540,000, amma wajen kwafewa zuwa asusunsa biyar da huɗu suka yi musayar wuri. Bambancin 90,000 ne, kuma ga shi tara ta raba shi ba saura. An bi shi bashin da ya riga ya biya. Gyara: 90,000 a daman asusun Alhaji, 90,000 a hagun asusun jiran bayani. Shi ya sa aika wa kwastomomi da dillalai takardar lissafinsu yake cikin mafi arhar hanyoyin gano kuskure, domin kowa yana sa ido a kan nasa. Sai dai a lura, wanda aka yi wa ragi bisa kuskure ba lallai ya zo ya faɗa ba.

Asusun yanzu yana da 70,000 a hagu. Akawu ya koma kan gwaje-gwajen farko, ya raba biyu, 35,000. Wannan karon ta ci. Wani mai shago ya dawo da jarkokin mai na 35,000 saboda suna yoyo. An rage masa bashinsa daidai, amma a asusun kayan da aka dawo da su, inda adadin ya kamata ya zauna a hagu, sai aka sa shi a dama. Kuskuren da aka fi yi wajen gyara irin wannan shi ne a rubuta 35,000 kawai. Wannan zai goge ɓarnar ne, asusun ya koma kamar ba a dawo da komai ba. Ana buƙatar 35,000 ta gogewa da wata 35,000 ta rubutawa daidai, wato 70,000 a hagun asusun kayan da aka dawo da su, 70,000 a daman asusun jiran bayani. Ya koma sifili, an rufe shi.

A duba abin da ke ƙarƙashin 28,000 ɗin nan: gyare-gyare na 48,000 da 90,000 da 70,000. Riba ma ta motsa. Dizal ya rage ta da 48,000, kayan da aka dawo da su suka rage ta da 70,000, na Alhaji bai taɓa ta ba tunda bashi kawai ya shafa. Ribar 900,000 ta koma 782,000. Da an ce 28,000 ba ta kai a wahala a kanta ba, aka share ta a matsayin ƙaramar asara, da mai shago ya ci gaba da ganin ribar 872,000, wato ƙarin 90,000 da babu su, yana kuma bin Alhaji kuɗin da ba ya binsa. Akan share ɗan ragowar da ya gagara, amma bayan an yi bincike na gaske, da sa hannun wanda ke da ikon amincewa, da rubutaccen dalili. Kowane gyara kuma ta jonal ake yinsa, wato littafin da ake fara shigar da gyara kafin a kwafe shi zuwa leja, da kwanan wata da bayani, ba a kankare lamba a leja.

Akwai wata hanya ta biyu da kuɗi ke shiga wannan asusu, wadda a yau ta fi yawa, domin manhajar lissafi ba ta yarda a rubuta ɓangare ɗaya a bar ɗaya. Alat ya shigo na 150,000 da sunan wani mai POS, ba a san wane kwastoma ya turo ba. Kuɗin suna banki, dole a rubuta su a hagun asusun banki, ɓangaren dama kuma ya jira a sasfens har mai su ya bayyana da shaidar turawa. Ba ciniki ba ne tukuna, bai halatta a lissafa su cikin riba ba, domin yana yiwuwa ma kuskuren lambar asusu ne, a zo a nemi a mayar. Irin waɗannan sai a riƙe jerinsu ɗaya bayan ɗaya, da ranar da kowanne ya shigo. Odita yakan fara da wannan jerin, musamman kuɗin da suka fita aka jingine su a nan suka yi watanni, saboda wurin da babu mai tambaya shi ne wurin da mai son ɓoye ɓarna yake nema.

Komawar asusun sifili tana tabbatar da abu ɗaya ne kawai, cewa hagu da dama sun haɗu. Akwai kurakuran da ba sa taɓa shi sam. Mu'amalar da aka manta gaba ɗaya ba ta haifar da gibi. Kuɗin da wani kwastoma ya biya aka rubuta wa mai suna irin nasa ma haka. A ce shagon nan ya sayi sabon janareta na 600,000, aka zuba kuɗin a asusun gyaran injina: hagu da dama lafiya lau, amma an mayar da kadara ta zama kashe kuɗin wata. Gyaran wannan kai tsaye ake yi, 600,000 a hagun asusun janareta, 600,000 a daman asusun gyaran injina, sasfens ba ya shiga ciki ko kaɗan. Hanyar ganewa ita ce tambayar farko: shin abin da aka rubuta a hagu ya yi daidai da na dama? In ya yi, kuskuren bai taɓa bi ta sasfens ba, gyaransa ma ba zai bi ta nan ba.

Ga kamfanonin da ke bin ƙa'idojin lissafi na duniya, akwai ƙarin sharaɗi idan an gano kuskure mai nauyi bayan an riga an fitar da rahoton shekara. Ƙa'idar IAS 8 ta ce a koma a gyara alƙaluman shekarar da abin ya faru, waɗanda ake nunawa don kwatance, ko kuma ragowar farkon shekara in kuskuren ya girmi haka, sannan a bayyana irin kuskuren da adadinsa a cikin rahoton. Ba a yarda a cusa shi cikin ribar bana ba.