Rubutu a hotuna masu jere: wane girma da wane launi ƙaramar waya ke iya ɗauka?

Tambaya: Malam, ni nake haɗa wa Babanmu tallar shagonsa na taki da iri a wani ƙauye kusa da Ringim. Hotuna shida nake jerawa a Facebook da Instagram, waɗanda ake ja da yatsa ɗaya bayan ɗaya. A wayata sun fito tsaf, amma manoma suna cewa ba sa iya karantawa. Wane girman rubutu ya kamata in sa?

Ƙanena, ka ajiye lambar da manhaja ke nuna maka tukuna, mu fara da faɗin gilashin wayar manomin. Hoton da kake haɗawa yawanci faɗinsa fiksel 1080 ne, tsayinsa 1080 ko 1350; fiksel shi ne ɗan ƙanƙanin ɗigon da irinsa ke taruwa su yi hoto. Waya mai inci biyar kuwa, irin ƙananan itel da Tecno da suka cika ƙauyukanmu, faɗin gilashinta bai wuce milimita 62 ba, kusan faɗin yatsu uku zuwa huɗu. Duk fiksel 1080 ɗin nan cikin wannan ɗan wurin za su matsu. Idan ka raba, kowace milimita ɗaya ta cinye fiksel 17 da ɗoriya.

Yanzu ɗauki rubutun da ka sa a fiksel 30, wanda nake kyautata zaton da shi ka rubuta farashi da bayanin kaya, domin shi ne abin da masu farawa suka fi yi. A wannan wayar tsayin layinsa bai kai milimita biyu ba, ƙananan haruffa irin a da n da s kuma ba su cika milimita ɗaya ba. Ƙwayar gero ta fi su. Kai kana gani saboda idonka na saurayi ne, kana zaune a inuwa, kuma ka riga ka san abin da ka rubuta. Mutumin da ya haura arba'in, wanda idonsa ya fara gajiya da ganin abu na kusa, dole ya miƙa wayar nesa da fuskarsa, rubutun ya ƙara ƙanƙancewa.

Abin da nake aiki da shi a hoto mai faɗin 1080 shi ne: bayani fiksel 60, kanun magana 90 zuwa 110, kuma ko lambar waya ko adireshi ba na barin su sauka ƙasa da 48. Fiksel 60 yana fitowa kusan milimita uku da rabi a ƙaramar waya, daidai da rubutun jarida, wanda dattijo ke iya karantawa ba tare da ya kira jikansa ba.

Tambaya: To ai lambar da Canva ke nunawa daban take da ta PixelLab. Ya zan gane na kai fiksel 60 ɗin?

Gaskiya ne, ma'aunin manhajojin ba ɗaya ba ne, shi ya sa na fi amincewa da ƙirga haruffa. Ka bar fili na fiksel 90 a dama da hagu, sai ya rage maka 900 na rubutu. Harafi ɗaya a tsaka-tsaki yana cin kusan rabin girman rubutun a faɗi, wato kusan fiksel 30 idan girman 60 ne. Ke nan layi ɗaya zai ɗauki haruffa 28 zuwa 30, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Idan ka ƙirga layinka ka samu haruffa 45 ko 50, ba sai ka duba wata lamba ba, rubutun ya yi ƙanƙanta.

Gwada da wannan: "Takin NPK 15-15-15 ya iso" haruffa 25 ne, ya kusa cika layi ɗaya. Layi biyar ko shida irin wannan a ƙarƙashin kanu sun ishi hoto ɗaya, kalmomi 25 zuwa 30 ke nan. Na san za ka ce bayanin Baba ya fi haka yawa. Nan ne amfanin jeren yake. Idan magana ta ƙi shiga, ka ƙara hoto na bakwai, kada ka rage girman rubutu. Taki a hoto ɗaya, irin shinkafa a wani, irin riɗi a wani, wurin da shagon yake da lambar waya a na ƙarshe. Jan hoto da yatsa ba ya wahalar da kowa, amma buɗa hoto da yatsu biyu don a karanta, yawancin mutane wucewa suke yi.

Kuma ka riƙa yin hoton a tsaye ko murabba'i. Hoton kwance mai faɗin 1920 a wannan milimita 62 ɗin zai matsu, sai rubutun ya ragu kusan rabi.

Tambaya: Launin shagonmu kore ne da ruwan zinare. Na sa rubutu ruwan zinare a kan kore, wani wurin a kan fari. Akwai matsala?

Akwai, kuma ina ganin ta kai ta girman rubutun, ko ma ta fi. Ido ba da bambancin launi yake rarrabe harafi daga bangonsa ba, da bambancin haske yake rarrabewa. Launuka biyu suna iya zama daban ƙwarai a suna, amma haskensu ɗaya. Ja a kan kore misali ne: kowa ya san ja daban kore daban, amma idan ka ɗora ja tsantsa a kan kore matsakaici, bambancin haskensu bai kai 1.3 ba a ma'aunin da zan faɗa maka yanzu, haruffan sai su riƙa rawa a ido. Ga kuma mutanen da aka haifa ba sa bambance ja da kore sosai, galibinsu maza, wato su ne masu sayen takin.

Ana auna wannan bambanci da lamba daga 1 zuwa 21. Launi a kan irinsa 1 ne, baƙi a kan fari 21. Ƙa'idar WCAG 2.0 ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, wadda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar a 2008, ta ce rubutu na yau da kullum ya kai 4.5, babban rubutu ya kai 3, mataki mafi tsauri kuma 7. A hoto mai faɗin 1080, rubutun da za a kira babba yana farawa ne daga wajen fiksel 72.

Mu auna naka. Ruwan zinare mai lambar launi `#FFD700` a kan fari 1.4 ne kawai, kusan babu rubutu a wurin. A kan koren tutar Najeriya `#008751` ya kai 3.3, zai iya ɗaukar kanu, ba zai ɗauki bayani ba. Fari a kan wannan koren 4.6 ne, ya haye da ƙyar. Maganin ba barin launin shago ba ne, duhunta koren za ka yi. Idan ka mayar da shi `#0B4D2C`, fari a kansa ya kusa 10, ruwan zinaren kuma ya kai 7. Koren yana nan, zinaren yana nan, Baba ba zai ce ka canza masa alama ba. Ba sai ka yi lissafin da hannu ba: ka buɗe shafin intanet na WebAIM Contrast Checker, ka zuba lambobin launukan biyu, zai ba ka sakamako.

Ni 7 nake nema, ba 4.5 ba, kuma ina da dalili. Wanda zai karanta tallarka yana iya zama a tsaye cikin rana a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Ya rage hasken wayarsa saboda sai gobe zai kai ta wurin mai caji, gilashin kariyar ya tsage, ga ƙurar hunturu a kai. Hasken rana da ke dawowa daga gilashin yana wanke duhun launi, sai bambancin da ka auna a ɗaki ya ragu sosai. Wanda ya fara da 4.6 ba shi da rarar da zai bayar.

Tambaya: Idan kuma ina son rubutun ya hau kan hoton gona ko na buhuna?

Hoto ba launi ɗaya ba ne. Farin rubutu zai fito a kan ganyen masara, ya ɓace da ya kai kan farar rigar mai gonar ko sararin sama. Ka shimfiɗa baƙin zane mai kusurwa huɗu a bayan rubutun, ka sa duhunsa kashi 60 cikin ɗari, yadda za a ɗan hango hoton ta cikinsa. A wannan matakin, ko abin da ke ƙarƙashi fari ne fat, farin rubutu yana samun kusan 5.7. A kashi 50 kuwa yana faɗuwa ƙasa da 4, don haka kada ka sauko. Inuwar da ake sa wa haruffa ba ta maye gurbin wannan.

Tambaya: Wane samfurin rubutu ya fi? Ina son masu lanƙwasa ɗin nan, suna da kyau.

Suna da kyau a katin biki, inda ake riƙe takarda a hannu. A ƙaramar waya siririn layin harafi yana iya zama bai kai ɗigo ɗaya na gilashin ba, musamman wayoyin da faɗinsu ɗigo 480 ne kacal. Sannan da an tura hoton ta WhatsApp, manhajar tana matse shi don rage data, kuma sirara su ne farkon lalacewa. Lambobi sun fi ba ni tsoro a nan: 3 ta koma kamar 8, 1 kamar 7, sai manomi ya zo shago da kuɗin da ba su kai ba, ko ya kira lambar wani.

Mu masu rubutun Hausa muna da ƙarin abin lura, wato ƙ da ɗ da ɓ. Ɗan lanƙwasan kan harafin shi ne ya raba ƙasa da kasa, baƙi da baki, faɗa da fada. Samfurori da yawa ba su da waɗannan haruffa kwata-kwata. Za ka gane idan ka ga ɗan akwati a madadin harafin, ko ka ga harafin ya fita daban da 'yan'uwansa, siriri a tsakiyar masu kauri. Noto Sans yana da su, haka ma Andika wanda ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta ƙera domin masu koyon karatu. Kafin ka zaɓi kowane samfuri, rubuta "Ƙaramin ɗan ɓaure" ka duba. Ka ɗauki mai matsakaicin kauri ko mai kauri, kuma ka bar manyan baƙaƙe zalla ga kanu mai kalma biyu ko uku, domin doguwar jimla da manyan baƙaƙe tana rage saurin karatu.

Tambaya: Kafin in sake ɗorawa, ya zan tabbatar gyaran ya yi?

Ka fara mayar da hoton baƙi da fari a manhajar gyaran hoto ta wayarka. Duk rubutun da ya narke cikin bango a nan, launi ne kawai ke riƙe da shi, sai ka duhunta bangon ko ka haskaka rubutun. Daga nan ka tura hotunan ta WhatsApp zuwa mafi ƙanƙantar waya a gidanku, don su sha matsin da za su sha a hannun mutane. Rage hasken wayar zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, ka fita ƙofar gida da hantsi, ka miƙa wa Baba ko wani sa'ansa da bai taɓa ganin tallar ba. Ka ce, "Baba, karanto mini farashin da lambar wayar." Kada ka taya shi. Ka lura da hannunsa: idan ya kai yatsu biyu zai buɗa hoton, ko ya juya baya yana neman inuwa, wannan hoton ka koma da shi ka ƙara masa fiksel goma, ka duhunta koren, ka sake kawo masa.