Ɗaukar murya a gida da bargo ko wadrob

Ɗaukar murya a gida da bargo ko wadrob dabara ce ta rage amsa-kuwwar ɗaki, wato abin da 'yan harkar ke kira eko, lokacin da mutum zai yi rikodin na talla, fassarar bidiyo, karatun labari ko sanarwar masallaci da biki ba tare da ya je situdiyo ba. Ana kewaye mai magana da makirfo da kaya masu laushi da kauri, bargo ne ko katifa ko tufafin da ke rataye a wadrob, don su shanye sautin kafin ya bugi bango ya dawo. A zangunan Akra irin su Nima, Mamobi da Sabon Zango, haka ma Aboabo da Asawase a Kumasi, abin ya zama dole ga da yawa saboda irin ginin ɗakunan: bangon bulo da filasta, ƙasa tayil ko siminti, taga ta gilashin luba, babu ko ɗaya a cikinsu da ke shan sauti.

Asali

Ilimin da ke bayan dabarar ya girmi rikodin na gida nesa ba kusa ba. Wajen 1895 Jami'ar Harvard a Amurka ta ba wani matashin malamin fiziks, Wallace Clement Sabine, aikin gyara ɗakin lacca na gidan tarihin Fogg, wanda in malami ya faɗi kalma sai ta yi ta yawo a ɗakin sama da sakan 5, ɗalibai ba sa gane komai. Abin da ya yi kusan shi ne abin da yaro a Nima ke yi yau da bargon mamansa. Da daddare, in gari ya yi tsit, shi da masu taya shi suna kwaso kushin na kujeru daga zauren Sanders da ke kusa, su jera a ɗakin, ya busa bututun abin kiɗan nan ogan ya auna da agogo tsawon lokacin da sautin ke ɗauka kafin ya mutu, su ƙara kushin ya sake aunawa, kafin safiya su mayar da kayan mutane inda suka ɗauko. Shekaru ya yi yana wannan, kuma a wajen 1898 ya gano cewa tsawon eko ya dogara ne da abu biyu, girman ɗaki da yawan abin da ke shan sauti a cikinsa. Da wannan lissafin aka tsara zauren Symphony Hall na Boston da aka buɗe a 1900, kuma har yau ma'aunin shan sauti sunansa yake ɗauke da shi.

Lulluɓa da bargo kuwa an fi saninsa da wakilan rediyo, waɗanda suka daɗe suna shiga ƙarƙashin bargon otal su karanta rahoto su aika. Abin ya bazu sosai a 2020 lokacin korona, da aka rufe situdiyo a ƙasashe da dama. A Gana an kulle Akra da Kumasi daga 30 ga Maris na shekarar har kusan mako uku.

Yadda eko ke shiga rikodin

Sauti na tafiyar kusan mita 343 a sakan ɗaya. A ɗaki mai faɗin mita 3 ko 4, muryar ka je bango ta dawo cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, don haka kunne ba ya jin ta a matsayin magana ta biyu kamar yadda ake ji a gindin dutse, sai dai ya ji muryar ta yi nisa, ta yi kamar daga banɗaki ake magana. Mai ɗakin ma ba ya lura saboda ƙwaƙwalwa ta saba tace shi, amma makirfo ba ta tace komai, duk abin da ya iso gare ta za ta ɗauka, kuma in eko ya riga ya shiga cikin fayil cire shi aiki ne mai wahala da ke lalata muryar.

Lissafin Sabine shi ne:

```
T = 0.161 × V / A
```

T shi ne sakan nawa sauti ke ɗauka kafin ya ragu da desibel 60, desibel kuwa ma'aunin ƙarfin sauti ne, V girman ɗaki a mita kubik, A kuma jimillar shan sauti. A ɗauki misalin ɗakin haya mai mita 3 da mita 4, tsayin silin mita 3, V ya zama 36. Bangon filasta da tayil suna shan kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari ne kawai na sautin da ya buge su, to in an haɗa da katifa, labule da shi kansa mutumin, a ce A ya kai 6. T zai fito kusan sakan 1, wanda ya yi yawa ƙwarai ga magana. In aka rataya manyan barguna uku, kowanne mita 2 da 2, an samu murabba'in mita 12, kuma in a ce suna shan rabin sautin tsakiya, wanda ba siriri ba ba mai kauri ba, A ya tashi zuwa 12, T ya sauko kusan rabin sakan. Wannan kiyasi ne, amma ya nuna abu mai amfani: sai an ninka abin shan sautin sau biyu kafin eko ya ragu da rabi. Shi ya sa gyara ɗaki gaba ɗaya ke cin kaya da yawa, kuma shi ya sa aka fi yin ƙaramar bukka a kusa da makirfo kawai.

Abin da bargo ke iya sha da wanda ba ya iyawa

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Bargo na shan sauti ne saboda iskar da ke kai da komo tana gogar zarensa, kuma dab da bango iskar kusan ba ta motsi. Inda ta fi motsi shi ne nisan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon zangon sautin daga bango, zangon kuwa shi ne nisan da sauti ke ci kafin ya kammala kaɗawa ɗaya. Sauti siriri na haz 4,000, wato mai kaɗawa sau 4,000 a sakan ɗaya, tsawon zangonsa bai fi santimita 9 ba, don haka bargo mai kaurin santimita 2 da aka manna a bango zai sha shi. Amma sautin haz 200, inda kaurin murya yake, zangonsa mita 1.7 ne, ana buƙatar wajen santimita 43 kafin a kama shi sosai. Sakamakon manna siririn bargo a bango ke nan: ƙarshen kalmomi da sautin s da sh sun dushe, amma gurnanin ɗakin yana nan, rikodin ya fito a toshe.

Maganin bai da tsada. A ja igiyar shanya ko a sa ƙarfen labule yadda bargon zai tsaya nesa da bango da santimita 10 zuwa 15, kuma kar a miƙar da shi sumul, a bar shi ya tattare kamar labule. Tazarar santimita 10 kaɗai tana sauko da inda ya fi aiki zuwa wajen haz 850. In an ninka biyu ko an jingina katifar soso a tsaye a bayansa ya fi kyau. Bargo mai nauyi na gwanjo, irin wanda ake samu a Kantamanto ko Kejetiya, ya fi zanin gado sabo guda biyar, gwajin kuwa shi ne a ɗaga shi ga haske, in ana hango kwan fitila ta cikinsa bai isa ba.

Sai kuma wurin da za a sa. Yawancin makirfo na murya suna ji ne ta gaba, suna ƙin abin da ya zo ta baya. Ke nan bangon da makirfo ke kallo, wato wanda ke bayan mai magana, shi ne ya fi damuwa, can ya kamata bargo mafi kauri ya tafi, sannan gefe biyu, sannan sama in da hali. A ƙasa a shimfiɗa darduma ko kafet a kan tayil, in teburi ne a ƙarƙashin makirfo a rufe shi da tawul.

Wadrob

Tufafi da aka rataya cunkushe suna da kaurin da ya kai rabin mita, jallabiya, babbar riga, leshi da atamfa, abin da babu bargon da zai kai. Amma katakon wadrob shi ma yana da nasa sautin. Tsakanin bango biyu masu tazarar mita 1 sauti na taruwa a wajen haz 170, in zurfin santimita 60 ne kuma wajen haz 285, duka a tsakiyar muryar mutum. To wanda ya shiga wadrob da ba kaya sosai ya ja ƙofa, zai ji muryarsa ta fito kamar daga cikin kwali, kuma wannan ya fi eko na ɗaki wuyar gyarawa.

Abin da ya fi aiki shi ne a buɗe ƙofofin biyu, a ɗora bargo a kan kowace, musamman mai madubi, a ajiye makirfo a bakin tufafin ba a can ciki ba, mai magana ya fuskanci kayan, sannan a rataya wani bargon a bayansa. A cire hanga na ƙarfe da babu kaya a kansu da ledar wanki, suna ƙara.

Makirfo da gwaji

Nisan baki da makirfo santimita 15 zuwa 20, kusan taƙi ɗaya. Duk lokacin da aka rage nisan da rabi muryar na ƙaruwa da desibel 6 a kan ekon ɗakin, amma in an matsa da yawa sai ta yi kauri fiye da kima. Hausa na da nata matsalar a nan, f ɗinmu da leɓe biyu ake yin ta, tana tura iska, haka ƙ da ts suna fita da ƙarfi, don haka a ɗan karkatar da makirfo gefen baki ko a sa matatar iska. Jimla irin "Fati ta fasa ƙoƙo a tsakar gida" ta isa gwaji.

Kafin a fara a tafa hannu sau ɗaya a daidai inda baki zai kasance, a ɗauka, a saurara da iyafon. In an ji wata ƙara kamar ta ƙarfe tana bin tafin, akwai bango biyu tsirara da ke fuskantar juna. In tafin ya mutu nan take amma magana tana gurnani, kauri ko tazara ce ba ta isa ba. A manhajar ɗauka da gyaran sauti ta Audacity, wadda kyauta ce, ana son ƙololuwar murya kar ta wuce -3 dB, wato desibel, shirun ɗaki kuma ya yi ƙasa da -60 dB, ƙa'idar da dandalin ACX na kamfanin Audible ya gindaya wa masu karanta littattafan saurare.

Iyaka

Bargo ba ya hana ƙarar waje shiga. Hon na tirotiro, babur, janareto lokacin dumso, lasifikar maƙwabta, duk suna ratsa shi, toshe su aikin nauyin bango ne da rufe kafofin taga da ƙofa, luba kuwa ba ta rufuwa ruf. Masu yi suna zaɓar lokaci ne, tsakar dare ko kafin kiran asalatu. Zafi ma matsala ne tunda dole a kashe fanka, shi ya sa ake ɗauka guntu-guntu, minti goma ko makamancin haka, a fito a sha iska a sha ruwa, kuma kar a bar laftof cikin bargon don fankarta za ta tashi. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango amfaninsa kaɗan ne, ga haɗarin gobara.

Saɓani

Ana jayayya kan wanne ya fi tsakanin nau'ikan makirfo biyu, dainamik da kondensa, da kuma amfanin garkuwar soso da ake ɗaurawa bayan makirfo. Mafi yawan masu aikin sauti sun yarda cewa garkuwar ita kaɗai ba ta isa ba in bangon da ke bayan mai magana tsirara ne.